Teburin Gireden Aikatau a Kunnen Wanda Ba Ya Ganin Allo

Yawancin bayanan da ake gabatarwa a sassan kimiyyar harshe, daga darasin aji zuwa ranar kāre kundi, a yau da diyapo ake yin su, wato shafukan nan da majigi yake haskawa a bango. Mai gabatarwa yakan juya ya nuna allo da ɗan yatsa ya ce: "Kamar yadda kuke gani, wannan ya bambanta da wancan." Ga ɗalibi makaho, ko wanda ganinsa ya yi rauni, wannan jimla ba ta ɗauke da wani labari. Abin mamaki shi ne masu nazarin harshe sun fi kowa sanin dalili: "wannan", "wancan", "nan" da "can" kalmomin nuni ne, ma'anarsu ba ta cika sai mai magana da mai sauraro sun yi tarayya a kan abin da ake nunawa. Idan aka cire gani, tarayyar ta tafi.

Shafin diyapo yana faɗin abubuwa da dama ba tare da kalma ko ɗaya ba. Abin da aka sa a sama shi ne kan magana, abubuwan da aka jera a layi guda dangin juna ne, abin da aka rina ja shi ake so a lura da shi. Sake rubuta shafin domin wanda ba ya gani yana nufin a mayar da duk abin da wuri da launi suke faɗa zuwa jimloli. Rubutu iri biyu ake bukata. Na farko gajere ne, jimla ɗaya ko biyu, ana liƙa shi ga hoto a cikin fayil ɗin kansa, manhajar da ke karanta fuskar na'ura da murya, irin su NVDA ko JAWS, ita ke furta shi idan ta iso kan hoton. Shi ake kira rubutun madadi. Na biyu cikakken bayani ne, wanda mai gabatarwa zai faɗa da bakinsa a zaure, ya kuma ajiye shi a wurin ƙarin bayani da ke ƙarƙashin shafin.

A ɗauki misali guda da duk ɗalibin Hausa ya sani. Tsarin giredi bakwai na aikatau, wanda F. W. Parsons ya fitar a 1960, kusan kullum a tebur ake nuna shi. A ce shafin yana ɗauke da ɗan yanki na teburin: layuka uku, na giredi na 1 da na 2 da na 4, da aikatau "kama", "saya" da "rufe", sai ginshiƙai uku, na farko ga sigar da ba karɓau a bayanta, na biyu ga sigar da wakilin suna ke bi, na uku ga sigar da suna ke bi. Gida tara ke nan. An sa ɗan layi a kan dogayen wasula, an sa alamar karin ƙasa inda ya dace, an rina wasulan ƙarshe na giredi na 2 da ja. Kamar yadda aka saba, daga littafi aka ɗauko hoton teburin aka manna.

Rubutun madadin da aka fi yi wa irin wannan shi ne "Hoton tebur", ko "Teburin gireden aikatau". Gaskiya ne, amma sunan abu kawai aka faɗa, ba a faɗi abin da yake koyarwa ba. Kalmar "hoto" ma ƙari ce, domin manhajar da kanta tana sanar da cewa hoto ne ta iso. Wasu kuma su karkata zuwa ɗaya gefen, su zubo abin da ke cikin gidajen tara a jere: kama, kama, kama, saya, saye, sayi, rufe, rufe, rufe. Mai gani yana duban teburin gaba ɗaya, idonsa ya faɗa kan jan launi, ya gane wurin da magana take. Mai sauraro kuwa kalma bayan kalma yake karɓa, ba zai san wadda ya kamata ya riƙe ba sai an gaya masa tun farko.

Saboda haka tambayar da za a fara yi ita ce: me ya sa aka kawo wannan tebur a wannan wuri? A nan jan launin ya riga ya ba da amsa. Rubutun madadi mai kyau zai kasance kamar haka: "Kwatancin giredi na 1, na 2 da na 4 a muhalli uku. Giredi na 2 ne kaɗai ke sauya wasalin ƙarshe. Sauran biyun gajarta shi kawai suke yi a gaban suna." Ba a ambaci ja ba, domin aikin da jan yake yi, wato cewa "dubi nan", jimlar ta riga ta yi shi.

Cikakken bayanin yana farawa da fasalin teburin, don mai sauraro ya shirya wurin ajiye abin da zai ji: layi uku ne, ginshiƙi uku, kuma ga abin da kowane ginshiƙi yake wakilta. Daga nan a bi layi-layi, kowace siga a sa ta cikin jimla. "Giredi na 1, karin sama sannan ƙasa: ya kama, da dogon wasali a ƙarshe, ya kama shi, shi ma dogo, ya kama ɓarawo, a nan wasalin ya gajarce. Giredi na 2, karin ƙasa sannan sama: abin da ya saya, da dogon a, ya saye shi, da dogon e, ya sayi doki, da gajeren i. Giredi na 4, karin sama sannan ƙasa: ya rufe, ya rufe ta, ya rufe ƙofa, inda wasalin ƙarshe yake gajarcewa kamar a giredi na 1." Jimlolin sun maye gurbin kan ginshiƙai: wanda ya ji "ya saye shi" ba ya bukatar a tuna masa cewa a ginshiƙi na biyu ake.

Za a iya cewa ambaton tsawon wasali da karin sauti a kowane mataki ɓata lokaci ne, tunda Bahaushe yana jin su a bakin mai magana. A zaure haka ne, in dai mai gabatarwa ya furta misalan a tsanake. Kunnen da ya dogara da ji kan riga ido kama bambancin. Matsalar tana fitowa ne idan ɗalibin ya koma ɗakinsa ya buɗe fayil ɗin. A nan na'ura ce ke karantawa, kuma a Nijar galibi da muryar Faransanci aka saita ta. Irin wannan murya ba ta san karin Hausa ba. Alamomin da ke kan wasula, ko dai ta tsallake su, ko ta furta kalmar a wani yanayi da ba a gane ta; haruffa masu ƙugiya ma, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sukan gamu da irin wannan. Sakamakon shi ne "kama" ta fito iri ɗaya sau uku, abin da teburin ke koyarwa ya ɓace. Akwai ma abin da ya fi haka haɗari: "saye" ba tare da kari ba kalma biyu ce. Da karin ƙasa-sama ita ce sigar giredi na 2 a gaban wakilin suna. Da karin sama-ƙasa kuwa giredi na 4 ce, mai ma'anar saye abu gaba ɗaya. Wanda ba a rubuta masa karin da kalmomi ba zai iya fita da darasin da ba shi aka koyar ba.

Tauraron nan da ake sa wa jimlar da ba ta karɓu ba shi ma haka yake. Idan shafi na gaba ya nuna "ya sayi shi" da tauraro a gabanta, manhajar tana iya wucewa ba ta furta alamar ba, domin yawan alamomin rubutu da take faɗa ya danganta da yadda mai ita ya saita ta. Mai gabatarwa ma yakan karanta jimlar ya wuce, yana ganin kowa ya ga tauraron. Magani shi ne a rubuta, a kuma faɗa: "Jimla marar karɓuwa: ya sayi shi."

Bishiyar li'irabi tana bukatar wata dabara daban, domin ita ma'anarta tana cikin wane reshe ne ya fito daga wane. Ana bayyana ta daga sama zuwa ƙasa, a faɗi yawan rassa kafin a faɗi sunayensu, a gama da reshe ɗaya kafin a taɓa na kusa da shi. Ga "Audu ya sayi doki", idan bishiyar ta raba jimlar gida biyu, sai a ce: jimla ta rabu biyu, yankin suna da yankin aikatau, yankin suna kalma ɗaya ce, Audu, daga nan a shiga yankin aikatau a bi rassansa ɗaya bayan ɗaya. "Hagu" da "dama" ba su da amfani sosai a nan. "Yana ƙarƙashin" da "ya ƙunshi" su ne ke ɗauke da nazarin.

Aikin hannu a PowerPoint ba shi da yawa. A danna hoton da maɓallin dama, a zaɓi umarnin rubutun madadi, wanda a sigar Faransanci yake ɗauke da sunan Texte de remplacement, a rubuta a akwatin da ya buɗe. Tambarin jami'a da ke maimaituwa a kowane shafi da layukan ado, a sa musu alamar Marquer comme décoratif, don kada a riƙa karanta su sau talatin. Idan da hali, teburin a sake buga shi a matsayin tebur na gaskiya mai layin kai, maimakon hoto, domin ta haka mai manhaja zai iya yawo a cikinsa gida-gida. Sai a duba Volet Sélection: manhajar tana karanta abubuwan shafi daga ƙasan wannan jerin zuwa sama, ba bisa yadda suke a ido ba, shi ya sa fassarar misali kan riga misalin fitowa idan an yi ta jan akwatuna ana sakewa. Umarnin Vérifier l'accessibilité yana nuna hoton da ba shi da madadi, amma ba ya iya gane cewa "Hoton tebur" bai faɗi kome ba.

Wanda ganinsa ya yi rauni kawai, bukatarsa ta ɗan bambanta. Shi yana ganin kalmar, abin da ke kuɓuce masa shi ne ɗan layin da ke kan wasali da jan da ya dusashe a bangon ajin da rana ke shiga. Harafi kada ya gaza maki 18, misalan da ke da alamomi su fi haka girma, kuma abin da aka rina a ƙara masa kauri ko a ja masa layi, don kada launi ya zama shi kaɗai ne shaida. Aika fayil ɗin kwana ɗaya kafin zaman yana ba shi damar ƙara girman shafin a wayarsa yana bin mai magana.

Gwajin da ya fi tona asirin bayani ba ya bukatar na'ura. A karanta wa abokin karatu cikakken bayanin ba tare da ya ga shafin ba, a ba shi takarda ya zana teburin, har da tsawon wasula da kari. Gidan da ya bari fanko, ko ya cika ba daidai ba, shi ne wurin da bayanin ya jingina da ido. Idan kuwa ya cika gida tara daidai amma aka tambaye shi me teburin yake nunawa ya yi shiru, to jimlar farko ce ba ta fito ba, ita za a koma a gyara.