Kafin Ku Ɗaga Hankali a Kan Sakamakon WAEC

'Ya'yana, da zarar an ajiye alƙalami a takarda ta ƙarshe, sai ku fara tambayar yaushe sakamako zai fito, har wasu su daina barci. Ku kwantar da hankalinku, abin yana da lokacinsa. Hukumar WAEC tana ƙoƙarin fitar da sakamakon 'yan makaranta cikin kwana 45 bayan kammala jarrabawa, shi ya sa wadda aka gama a watan Yuni takan fito a farkon Agusta. A 2023 ranar 7 ga Agusta aka sake shi, a 2024 kuma ranar 12. NECO takan ɗauki wajen wata biyu, a kan ji nata cikin Satumba. Kada ku auna su da JAMB, wadda sakamakonta ke fitowa cikin 'yan kwanaki, domin ita a kwamfuta ake yinta, tambayoyinta kuma duk na zaɓi ne, na'ura ce ke duba su.

Ita WAEC mutane ne ke karanta rubutunku. Sai an kwashe takardu daga cibiyoyi an kai wuraren dubawa, a tara malamai su daidaita yadda za a ba da maki, sannan kowa ya karɓi ƙunshinsa. Bayan haka a haɗa makin rubutu da na tambayoyin zaɓi da na aikin gwaji, a ƙara da makin da makarantarku ta aika na ayyukan aji, wanda yake kashi 30 cikin ɗari. Ga ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi, kowa da darasi takwas ko tara. Wanda ya san wannan aikin ba zai ga kwana 45 sun yi yawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da sakamakon ya fito, yaro ya buɗe nasa ya tarar ba cikakke ba ne. Nan gida ke rikicewa, uwa tana kuka, uba yana faɗa, alhali ba a tsaya an karanta abin da aka rubuta ba. Matsalolin iri-iri ne, kowacce da ƙofarta.

Idan ka ga Outstanding a gaban wani darasi, ba a zarge ka da komai ba. Aikin darasin ne bai kammala ba. Sau da yawa kuskure ne wajen cika lambar jarrabawa a takardar zaɓi, ko wani ɓangare na makinka bai haɗu da sauran ba, ko makaranta ba ta aika makin aji yadda ya kamata ba. Irin wannan yakan fito da kansa idan an gyara. Ka sanar da shugaban makarantarku, domin ta hannunsa aka yi maka rajista, kuma shi hukumar ke saurara. Akwai kuma shekarun da hukumar ke riƙe sakamakon dukan ɗaliban da gwamnatin jiharsu ta ɗauki nauyin jarrabawarsu ba ta biya kuɗin ba. Wannan ba laifin yaro ba ne ko kaɗan, kuma raina yana ɓaci da shi, domin ɗan talaka ne ke zaman jira saboda sakacin manya.

Idan kuwa ka ga Held ko Withheld, to an riƙe sakamakon ne bisa zargin maguɗi, ana bincike. Ba ƙaramin adadi ba ne: a 2024 an riƙe sakamakon ɗalibai 215,267, wato kusan kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka zauna. Riƙewa dai ba sokewa ba ce. Akwai kwamitin jarrabawa na hukumar a Najeriya da ke zama ya duba rahotanni, yakan ɗauki 'yan watanni, sannan a saki na wanda ba a same shi da laifi ba, a soke na wanda aka samu.

Wasu laifukan a fili suke. Shiga ɗakin jarrabawa da waya, ko da ba ka taɓa ta ba, yana iya jawo a soke sakamakonka gaba ɗaya. Haka shiga da 'yar takarda, ko sa wani ya zauna maka. Amma wanda ya fi cin yaran kirki shi ne na haɗin baki, kuma shi nake so ku gane sosai.

A ce yarinya ce ta zauna jarrabawa a makarantar da ɗalibai sittin suka rubuta lissafi. Ana cikin rubutu sai wani malami ya shigo ya rubuta amsar tambaya ta uku a allo, ya goge da sauri. A cikin aikinsa ya yi kuskure, ya rubuta 7 × 8 = 54 a maimakon 56, kuskuren ya bi aikin har ƙarshe. Ran nan kowa ya fita yana murna, ba a kama kowa ba. Bayan makonni, malamin da ke duba takardun a wani gari, wanda bai san kowa a cikinsu ba, ya ga 54 a takarda ta farko ya ja mata layi. Ya gan ta a ta biyu, ya gan ta a ta goma, a layi ɗaya, da jerin aiki iri ɗaya. Mutum arba'in suna iya haɗuwa a kan amsa daidai, amma ba sa haɗuwa a kan kuskure guda sai in daga wuri ɗaya suka kwaso. Sai ya rubuta rahoto. A ƙa'idar hukumar, idan fiye da rabin ɗaliban wata cibiya suka shiga haɗin baki a darasi, ana ɗaukarsa maguɗin taro ne, sai zargin ya hau cibiyar duka, makarantar ma tana iya rasa izinin gudanar da jarrabawa. Ita yarinyar da ta sunkuya ta yi aikinta ta samu 56, nata ma yana iya shiga cikin waɗanda aka riƙe. Abin da zai tsaya mata gaban masu bincike shi ne takardarta ta bambanta da ta sauran. Shi ya sa nake roƙon iyaye su guji makarantun da ke alkawarin kowa zai ci.

To idan an riƙe naka, me za ka yi? Ka fara zuwa wurin shugaban makaranta ka ji ko kai kaɗai ne ko cibiyar ce duka. Hukumar ta buɗe hanyar da ɗalibi zai shigar da bayanin kare kansa ta shafinta na intanet, ka yi hakan da wuri, ka faɗi gaskiya a taƙaice. Kuma don Allah kada ka ba kowa ko sisi da sunan zai sako maka sakamako ko ya ƙara maka maki. Masu kiran waya da wannan alkawari 'yan damfara ne, hukuncin na kwamiti ne, ba na mutum ɗaya ba.

Kada kuma ka naɗe hannu kana jira. Idan ka rubuta NECO, nata yana tafe, kuma makarantu da yawa suna karɓar haɗin sakamako biyu, sai dai wasu fannoni, kamar likitanci a wasu jami'o'i, sun fi son na zama ɗaya, don haka ka duba sharaɗin inda kake nema. Idan darasin da aka riƙe Turanci ne ko lissafi, ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara tun kafin a rufe, ka koma ga littafinka. In an saki na farko, ba ka yi asarar komai ba sai kuɗin rajista. In kuma an soke shi, shekararka ba ta tafi a banza ba.