Abin da Ke Sa Mai Saye Ya Yi wa Kayanku Kallon Jabu

Aikina zana tambari da takardar da ake liƙa wa kaya, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki a Kano mata ne masu sana'ar cikin gida: yaji, turaren wuta, kilishi, man shafawa. Kukan da na fi ji daga bakinsu shi ne, "Ana tambayar farashi, amma da an zo turo kuɗi sai a ji shiru." Idan na bincika, sau da yawa kayan ba su da laifi. Matsalar ita ce abin da mai saye ya gani a waya daban, abin da ke jikin roba daban, abin da aka faɗa masa a WhatsApp kuma daban.

Wanda ya je Kasuwar Kurmi zai taɓa kaya, ya shinshina, ya dubi idon mai shago. Wanda ke Kaduna yana kallon hoto a Instagram ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya rage masa shi ne ya gwada wannan da wancan ya ga ko sun yi daidai. A ƙasar da damfara da jabun kaya suka yi yawa, duk saɓanin da ya gani ba zai kira shi kuskure ba, zai ɗauka an yi masa tarko ne.

Wata baiwar Allah mai yaji ta kawo mini aikinta. Sunan shafinta ya ƙare da kalmar kayan ƙamshi, na jikin roba ya ƙare da kalmar abinci, asusun bankin da ake tura wa kuɗi kuwa sunan ƙaninta ne. Nan ne cinikin ke mutuwa. Mutum ya yanke shawarar saye, ya sa lambar asusu, sai wayarsa ta nuna masa sunan wani namiji da bai taɓa ji ba. Me zai sa ya danna? Maganin a bayyane yake: a yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a buɗe asusu da wannan sunan, sannan a rubuta shi harafi da harafi iri ɗaya a shafi da roba da rasit.

Sai batun kala, wanda mutane ke rainawa. Tambarinta kore ne mai haske a waya, amma a roba ya fito a dushe, kuma bugu na biyu da ta yi a wata maɗaba'a ya karkata zuwa shuɗi. Akwai dalili. Fuskar waya da haske take haɗa kala, tsarin da ake kira RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK, kuma akwai kore mai ƙyalli da tawada ba ta iya fitarwa. Ƙari a kan haka, hoton tambarin da ta tura wa mai bugawa ta WhatsApp ya riga ya matse, ya rasa kaifinsa. Tsohuwar mai sayenta ta ajiye robobin biyu gefe da gefe, ta kira tana tambaya ko an fara yi mata jabu. Abin da muka yi shi ne zaɓar koren da tawada ke iya bugawa, muka rubuta lambarsa ta waya da ta bugu, muka adana ainihin fayil ɗin a PDF. Yanzu ba a buga da yawa sai an fitar da gwaji ɗaya an kara shi da tsohuwar takarda a hasken rana.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne saɓanin alkawari. Tallan mai yajin ya ce giram 250, sabuwar roba ta ce 200, domin farashin barkono ya tashi an rage awo ba a gyara hoton ba. Shafin ya ce ana kai kaya cikin kwana biyu, yarinyar da ke riƙe da wayar shago kuma tana cewa "sai mota ta samu". A shafi ana "Hajiyata, sannu da zuwa", da an kawo ƙorafi sai amsa ta koma "ba ma karɓar kaya in sun fita". Mai saye bai san mutum biyu ne ba. A wurinsa baki ɗaya ne ya yi magana biyu.

Na ba ta shawarar takarda guda, shafi ɗaya tak, wadda ke ɗauke da suna, lambobin kala, awo da farashi, kwanakin kai kaya, da abin da za a yi idan roba ta fashe a hanya. Amsoshin da ake yawan bayarwa muka adana su a WhatsApp Business, yadda duk wanda ya riƙe wayar magana ɗaya zai faɗa. Takardar ba za ta gyara yaji marar daɗi ba, kuma ba ta da amfani idan aka canja farashi aka manta da ita.

'Yan'uwa masu sana'a, yau ku ɗauki robar kayanku, ku buɗe shafinku, ku karanta saƙonni goma na ƙarshe da aka amsa wa masu saye. Duk inda suka saɓa, ku gyara shi kafin ku sake kashe ko sisi a kan talla.