Adashin Gwal a Wayar Hannu

Akwai kamfanonin da ke sayar da gwal ta manhajar waya. Abin ya fi yaɗuwa a ƙasar Indiya, inda mutum kan saya ko da na 'yan canji ne. Idan ka tura kuɗi, kamfanin zai rubuta maka nauyin gwal daidai kuɗinka, ya ce yana nan a ma'ajiyarsa.

A ce manhaja tana sayar da giram ɗaya a kan naira 200,000. Wata baiwar Allah ta tura naira 20,000, sai wayarta ta nuna mata kashi ɗaya cikin goma na giram. Amma farashin gwal iri biyu ne: da na saye, da na sayarwa. Idan kamfanin yana karɓar giram a kan naira 190,000, to ko a ranar ta mayar da shi, naira 19,000 za ta samu. Saboda haka a duba farashin duka biyun tun kafin a tura ko sisi.

Babbar tambayar ita ce: gwal ɗin na wane ne? Wasu kamfanonin suna ware gwal da sunan masu saye, su damƙa shi amana a hannun wani kamfanin ajiya daban. Kowane dunƙule yana da lamba, da nauyi, da hatimin matatar da ta tace shi. Wasu kuwa alkawari kawai suka yi maka. A nan ba gwal gare ka ba, bashi kake bin su, kuma ranar da suka karye sai ka bi layin masu bin bashi. Wannan ne wurin da talaka ya fi cutuwa, domin a fuskar waya duka biyun kamarsu ɗaya. Ga Musulmi ma abin lura ne, tun da cinikin zinariya hannu da hannu shari'a ta ce a yi shi.

Don haka ka nemi sunan ma'ajiyar, ka kuma nemi rahoton masu binciken da ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Rahoton kirki yana ɗauke da kwanan wata, yana kuma nuna cewa gwal ɗin da aka auna ya kai jimillar abin da aka sayar wa jama'a. Ka tambayi tsarkinsa: karat 24 akan buga masa lamba 999, karat 22 kuma 916. Ka tambayi wace hukuma ce ke sa wa kamfanin ido. A 2025 hukumar kula da hannun jari ta Indiya ta gargaɗi jama'a cewa irin wannan gwal ba ya ƙarƙashin kulawarta.

Sannan ka gwada da kanka. Idan ajiyarka ta kai mafi ƙarancin nauyin da suke bayarwa, ka ce a kawo maka gwal ɗin, ko da za ka biya kuɗin ƙira da na aike. Ka kai wa maƙerin zinariya ya auna, ya gwada. Idan kamfanin ya shiga yi maka yau da gobe, kada ka ƙara tura masa kuɗi.