Darasi: Jijiyoyin Kai Goma Sha Biyu da Yadda Likita Yake Gwada Su

A Hausa kalmar "jijiya" tana da ma'ana biyu. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take kai labari ga ƙwaƙwalwa ta kuma dawo da umarni. Yawancin jijiyoyin saƙo suna fitowa ne daga lakar gadon baya. Amma akwai guda goma sha biyu da suke bi ta ƙananan kafofin ƙoƙon kai, kowace tana da ta dama da ta hagu. Wani masani Bajamushe, Samuel Sömmerring, shi ne ya jera su goma sha biyu a shekarar 1778, kuma lissafinsa ake bi har yau.

Kowace jijiya tana da aikinta da hanyarta. Saboda haka idan likita ya gano aikin da ya tsaya, yakan gane inda cuta take tun kafin a ɗauki hoton kai. Kayan gwajin ba su da yawa: tocila, auduga, sabulu da allon haruffa. Za mu bi jijiyoyin daga hanci zuwa harshe.

Hanci da ido

Jijiya ta 1 ita ce ta sansana. Majiyyaci yakan rufe ido, ya toshe kafar hanci ɗaya, a kawo masa sabulu ko ɓawon lemo ya faɗi abin da ya sansana.

Jijiya ta 2 ita ce ta gani. Ana sa mutum ya karanta allon haruffa daga nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya. Daga nan likita ya haska tocila a ido. Ka lura da baƙin ɗigon da ke tsakiyar ido: idan haske ya shiga ido ɗaya, ɗigon yakan tsuke a idanu biyu. Jijiya ta 2 ce take kai labarin hasken, ta 3 kuma ta kawo umarnin tsukewa.

Jijiyoyi uku ne suke juya ido. Ta 6 tana kai shi gefe, wajen kunne. Ta 4 tana saukar da shi ƙasa idan ya karkata wajen hanci, kamar lokacin karatu. Ta 3 tana yin sauran motsin, tana kuma ɗaga fatar ido. Likita yakan zana harafin H a iska da yatsa, majiyyaci ya bi yatsan da ido ba tare da ya juya kai ba, ya kuma faɗa idan ya ga abu ɗaya ya zama biyu.

Fuska da kunne

Jijiya ta 5 tana da rassa uku, kuma da ita fuska take jin taɓi. Shi ya sa ake shafa auduga a wuri uku: goshi, kumatu da haɓa. Ita ce kuma take motsa naman tauna, don haka ake cewa mutum ya cije haƙora. Jijiya ta 7 ita take motsa fuska. Ana cewa majiyyaci ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya nuna haƙora, ya hura kumatu. Ka riƙe wannan bambanci: ta 5 ji take yi, ta 7 motsi take sawa.

Jijiya ta 8 ita ce ta ji da daidaiton tsayuwa. Likita yakan toshe kunne ɗaya, ya raɗa lamba a ɗayan, majiyyaci ya maimaita.

Maƙogwaro, wuya da harshe

Ana gwada ta 9 da ta 10 tare, domin su ne suke kula da haɗiya, ta 10 kuma tana ba da murya. Majiyyaci yakan buɗe baki ya ce "aa". Idan gefe ɗaya ya raunana, beli yakan karkata zuwa gefen da yake lafiya. Ta 11 tana ɗaga kafaɗa da juya wuya; likita yakan danna kafaɗun mutum, ya ce ya ɗaga su. Ta 12 tana motsa harshe. Idan aka zaro harshe, yakan karkata zuwa gefen da ya raunana.

Misali daga Jabi

A ce wani direba a tashar motar Jabi ya wayi gari bakinsa ya karkace zuwa hagu, ruwa yana zuba ta gefen dama idan ya sha. Abokansa suka ce iska ce ta mare shi. Ƙanensa ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. Tambayar da ke gaban likita ita ce: jijiya ta 7 ce kawai ta kumbura, ko kuwa jini ne ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, wato farkon shanyewar ɓarin jiki?

Likita ta ce, "Malam, ɗaga girarka sama." Goshin hagu ya tattare, na dama bai motsa ba. Ta ce, "To, runtse idanunka da ƙarfi." Idon dama ya ƙi rufuwa. Ashe gefen dama ne ya raunana. Naman hagu mai ƙarfi ne ya janye bakin.

Goshin shi ne ya ba da amsa. Ƙwaƙwalwa tana da ɓangare biyu. Naman goshi yana samun umarni daga dukkan ɓangarorin, amma naman baki daga ɓangare ɗaya kawai yake samu. Idan ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ya sami matsala, baki yakan karkace, goshi kuwa ya ci gaba da motsi. Idan jijiyar ce da kanta ta lalace, rabin fuska duka yakan tsaya, har da goshi.

Duk da haka likita ba ta tsaya nan ba, domin ciwo a gindin ƙwaƙwalwa ma yana iya tsayar da goshi. Ta gwada maƙwabtan jijiyar, wato ta 6 da ta 8, ta leƙa cikin kunne, ta gwada ƙarfin hannu da ƙafa. Duka lafiya. Wannan ita ce shanyewar fuska da ake kira da sunan Charles Bell, likitan da ya bayyana aikin jijiyar a 1821. An ba direban maganin rage kumburi, wanda ya fi amfani idan aka fara shi cikin awa 72. An kuma ba shi maganin ɗigawa, aka ce ya rufe idon da filasta da dare, domin idon da ba ya rufuwa yakan bushe ya yi miki. Mafi yawan masu wannan ciwo sukan warke cikin makonni ko 'yan watanni.

Da a ce goshin ya motsa, hannu ya yi nauyi, magana ta sarƙe, to, da an garzaya da shi ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa nan take. Rarrabe waɗannan biyun aikin likita ne. Idan ka ga bakin wani ya karkace ba zato, ka kai shi asibiti a lokacin, kada ka jira gobe.

Sababbin kalmomi

Majiyyaci: marar lafiya da ake jiyya.
Runtse: rufe ido da ƙarfi.
Raɗa: yin magana a hankali cikin kunne.
Beli: ɗan naman da yake reto a can cikin baki.
Garzaya: tafi da sauri.

Tambayoyi

1. Waɗanne jijiyoyi biyu ne suke aiki idan aka haska ido da tocila?
2. Mene ne bambancin aikin jijiya ta 5 da ta 7?
3. Bakin direban ya karkace zuwa hagu. Wane gefe ne ya raunana, kuma don me?
4. Me ya sa likita ta ce ya ɗaga gira?
5. Kai da abokin zamanka, ku rubuta umarni biyar da likita zai ba majiyyaci, ku karanta su a aji.