Mantuwar Maye da Sumar Maye: Bambancinsu da Abin da Suke Nunawa

Jama'a da yawa, idan suka ji mashayi ya ce bai san abin da ya yi jiya da dare ba, sai su ɗauka suma ya yi, ko kuwa ƙarya yake don ya tsere wa kunya. Sau da yawa ba ko ɗaya. Abubuwa biyu ne giya ke jawowa, kuma wajibi ne a rarrabe su.

Wanda ya suma, ko barcin maye ya kayar da shi, kowa na ganinsa a yashe, ba magana, ba motsi. Amma mai mantuwar maye idonsa biyu. Yana hira, yana ciniki, yana iya tayar da babur ya kai kansa gida. Gari na wayewa, sa'o'in nan sun ɓace masa ƙaf.

Ga dalili. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da likitoci ke kira hifokamfas, wanda aikinsa shi ne ɗaukar abin da ke faruwa yanzu ya adana shi don gobe. Idan barasa ta hau jini da sauri, sai wannan sashe ya tsaya cak, alhali sauran sassan na aiki. Kamar zaman kotu ne da magatakarda ya ajiye alƙalami: an yi shari'ar, amma babu ko layi ɗaya a littafi. Shi ya sa matsa wa mutum ya tuna ba ya haifar da komai, tun farko ba a rubuta ba.

Wani likitan Amurka, Donald Goodwin, ya gwada wannan a birnin St. Louis, ya buga sakamakon a 1970. Ya samu maza 10 mashaya, ya ba kowannensu kusan rabin lita na wuski cikin sa'o'i 4. Suna cikin sha sai a nuna musu abin da ba a saurin mantawa, misali a buɗe kaskon suya su ga matattun ɓeraye a ciki. Bayan minti 2 in an tambaye su, galibinsu suna tunawa. Bayan minti 30 kuwa, 5 daga cikinsu ba su san an nuna musu komai ba, washegari ma haka. To, a lura da wannan da kyau: minti biyun nan sun isa mutum ya amsa gaisuwa ya mayar da magana daidai, don haka na kusa da shi ba sa gane halin da yake ciki. Alamar da ta fi fitowa ita ce maimaici. Zai ba ka labari, jim kaɗan ya sake ba ka shi sabo fil, ko ya tambayi inda makullinsa yake sau uku.

Mantuwar iri biyu ce. Akwai ta gutsi-gutsi, wadda in an yi wa mutum tuni wani abu yakan dawo, ita ce ta fi yawa. Akwai kuma ta ɗungurungum, wadda ba ta dawowa har abada.

Me giɓin ke nunawa? Ba yawan abin da aka sha kaɗai ba, har da saurin shansa. Yakan soma ne idan barasa ta kai wajen kashi 0.16 cikin ɗari a jini, ninki biyu ke nan na iyakar tuƙi a yawancin jihohin Amurka. Kwankwaɗar mai zafi irin ogogoro a kan yunwa ita ce gajeriyar hanya, haɗa ta da ƙwayar barci irin Baliyam kuwa na kawo mantuwar ko da an sha kaɗan. Mata sun fi saurin kamuwa, domin ruwan jikinsu da ke tsarma barasa bai kai na maza ba. A da, masana irin su Jellinek sun ɗauki mantuwar a matsayin alamar farko ta zama kangararren mashayi. Daga baya an ga tana samun har wanda ya sha sau ɗaya ya zarce. Sau ɗaya shaida ce cewa an kai matakin haɗari a daren. In tana maimaituwa kuwa, lokacin ganin likita ya yi. Kuma kada wanda "ba ya faɗuwa" ya yi alfahari: jurewarsa ce ke barinsa a tsaye har ya kai inda ƙwaƙwalwa ke daina rubutu.

Mai mantuwa a karɓe masa makulli, a hana shi ƙari, kada a ƙulla wata yarjejeniya da shi. Wanda ya suma kuwa ransa ne a hannu, domin barasar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini yana kwance. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa kofi ko a sheƙa masa ruwan sanyi, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Idan an girgiza shi bai farka ba, ko numfashinsa bai kai sau 8 a minti ba, ko yana ɗaukewa har daƙiƙa 10, ko leɓɓansa sun sauya launi, a garzaya da shi asibiti nan take.