Tsoro mai dalili da tsoron da zuciya ta ƙaga

'Ya'yana na Batsari da Safana, da na Ruma da Wagini da Runka da Zakka, ku ba ni aron kunnuwanku. Ba zan ce muku ku daina jin tsoro ba, domin duk wanda ya tashi a gefen Dajin Rugu a shekarun nan yana da dalilinsa. Abin da ya auka wa Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, da kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, ba mafarki aka yi ba. Abin da ke damuna shi ne, bayan masifar da ke zuwa daga daji, akwai wata da zuciya ke ƙagawa da kanta, kuma ina ganin tana cin da yawa daga cikinku a ranakun da ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Aaron Beck, wanda ya yi aiki a Jami'ar Pennsylvania, ya lura a shekarun 1960 cewa masu fama da ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba tare da sun kira su ba, kuma tunanin nan yakan karkace ta hanyoyi sanannu, iri ɗaya a wurin mutane daban-daban. Ya gano cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji a ransa akwai wata 'yar magana da yake faɗa wa kansa, da sauri har bai san ya faɗa ba. Ita ce ke yanke masa hukuncin yawan baƙin cikin da zai sha. Ɗalibinsa David Burns ya jera irin waɗannan karkace-karkace a littafin da ya fitar a 1980. Guda biyu daga ciki su ne na fi gani a garuruwanmu: kai abu ƙarshen muni tun bai faru ba, da kuma ɗaukar cewa ka san abin da ke cikin zuciyar wani.

Mu fara da na farko. A ce ƙanenka ya tashi daga Safana ya kai awaki biyu kasuwar Dutsin-Ma, ya ce zai dawo kafin la'asar. Magariba ta yi bai dawo ba. Ka kira, an ce wayar a kashe take. Abin da ka sani a wannan lokacin abu biyu ne kacal: ya makara, kuma waya ba ta shiga. To amma saurari abin da zuciya ke yi. Ta ce an tare hanya. Daga nan ta ce an shiga da shi daji. Kafin ka ajiye wayar ta riga ta kai ka ga kuɗin fansa, ta sayar da gonar gado, ta kwantar da Inna da hawan jini, ta nuna maka zaman makoki. Cikin minti biyu ka taka matakala shida, kuma kowace ka taka ta kamar an riga an tabbatar da ta ƙasa da ita. Jikinka kuwa bai san bambancin labari da gaskiya ba. Gaba na faɗuwa, baki ya bushe, ciki ya murɗa, sai wannan faɗuwar gaban ta zama maka wata sabuwar hujja, ka ce ai jikina ya ba ni. Jikinka bai je Dutsin-Ma ba, abin da ka faɗa masa kawai yake amsawa.

Yadda ake gane shi ba wuya. Ka saurari kalmomin da ke yawo a ranka: shi ke nan, an gama da mu, tamu ta ƙare, ba zan iya jurewa ba. Ka kuma lura da jerin "in kuma… in kuma…" wanda ba ya tsayawa sai ya kai kabari.

Abin yi na farko shi ne ka raba abin da ka gani da abin da ka ƙara. In kana rubutu, ka ja layi a tsakiyar takarda. In ba ka yi, ka faɗa a fili ga wani mai hankali. Sannan ka tambayi kanka: sau nawa yaron nan ya taɓa makara, kuma me ya tsayar da shi a waɗancan lokutan? Caji ya ƙare. Babur ya yi faci. Ciniki bai faɗa da wuri ba. Mota ba ta cika ba. Ya ga dare ya yi, ya kwana gidan ɗan'uwa kamar yadda ku da kanku kuka sha yi masa gargaɗi. Ku tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu biyun nan. Watanni aka yi waya ba ta shiga, kuma mafi yawan waɗanda aka kasa samu a kwanakin nan sun dawo gida da ƙafafunsu. Rashin shigar waya shi kaɗai bai taɓa zama shaidar komai ba.

Daga nan sai ka nemi hujjar ɗaya ɓangaren da gaskiya, kada ka rufe ido. An ji labarin tare hanya yau? Akwai wanda ya biyo ta bayan la'asar? Nan ne za ka tashi ka je tasha, ka tambayi direbobi da 'yan acaɓa, ka kira wanda suka tafi tare, ka kira dillalin da ya saba sayar musu. In ka auna tsoronka da farko ka ce ya kai 9 cikin 10, bayan direba biyu sun ce hanya lafiya ƙalau suka biyo ta, za ka ga ya sauko zuwa 4 ko 5. Ba zai koma sifiri ba sai yaron ya yi sallama, kuma ba a bukatar ya koma. Maganar da za ka riƙe ita ce wadda ta yi daidai da abin da ka sani: ya makara, akwai dalilai da yawa, mummunan dalilin yana yiwuwa amma ba ni da shaidarsa, kuma ga abin da zan yi nan da isha'i. In kuwa binciken ya nuna lallai an tare hanya, to ka fita daga zato ka shiga aiki, a sanar da mai gari da jami'an tsaro, kuma mutumin da bai riga ya ƙone kansa da zullumi ba shi ne zai iya wannan zirga-zirgar.

A nan nake so ku riƙe bambancin da kyau, domin littattafan Turawan nan an rubuta su ne a wuraren da ba a kwana da takalmi a ƙafa. Taka-tsantsan yana da abin da ya dogara a kai, yana sa ka yi wani abu takamaimai, kamar fasa tafiyar dare ko tafiya gona a ayari, kuma in ka yi abin sai ya lafa. Tsoron da zuciya ta ƙaga kuwa ba ya nuna maka aikin yi, ba ya lafawa ko an kawo maka labari mai daɗi, sai dai ya sake sabon zare. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba a zargin mai gudun, amma in bai koyi tsayawa ya duba ba, gonarsa za ta gagare shi shiga.

Na biyun, wato ɗaukar cewa ka san abin da ke cikin zuciyar wani, ya fi ba ni tsoro, domin shi ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba. Yakan fara da ƙaramin abu. Kin gaida uwar mijinki ta amsa a taƙaice, kin ce ta tsane ni. Ka tura wa aboki saƙo, ka ga alamar ya karanta bai ba da amsa ba, ka ce ya samu kuɗi ya raina ni. Ka shigo majalisa an yi shiru, ka ce da ni ake. Alamarsa ita ce kalmar "na san": na san abin da yake nufi, na san dariya suke mini. Ka tambayi kanka, ta ina na sani? Ya faɗa? Na ji? Ko daga fuska na karanta? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a ƙasar da kunya da kawaici ke hana suruka sakin fuska, kuma kowa na ɗauke da nauyin da bai faɗa ba, fuska takan ba da labarin ciwon kai ko bashi ko rashin barci, kai kuma ka ɗauka naka ne. Mugun abin shi ne zaton yakan haifi abin da ya zata. Ka ɗaure fuska saboda kana ganin ya raina ka, shi ma ya ga ka ɗaure ya ja baya, sai ka ce ka gani ko. Maganinsa tambaya ce cikin ladabi: "Yaya, jiya na ga kamar ranka ba daɗi, lafiya dai?" Kafin ka tambaya, ka kawo wa kanka dalilai uku da ba su shafe ka ba.

Yanzu ku ɗauki wannan ɗabi'ar ku kai ta inda ake maganar infoma. Wani ya sayi sabon babur. Wani an gan shi yana waya a bayan gari. Wani ba a taɓa gidansu ba ranar da aka shigo. Wani Bafulatani ne da kakansa ya yi kiwo tare da kakanninku. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna nan, ba na musun haka. Sai dai "na san shi ne" da aka gina a kan kallo da shiru da sabon babur, ita ce dai "na san ta tsane ni", illa a nan abin da ke biyo baya jini ne, da ramuwar gayya a kan ƙauye guda. In kana da abin da ka gani da idonka, ka faɗi abin da ka gani, da rana da wuri, ga mai gari ko jami'an da aikinsu ne bincike, ka bar fassarar. Kada ka kai ta majalisa, kada ka tura ta a waya. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin mutane, kuma malamanku sun karantar da ku ita tun kuna ƙanana.

Kada ku ɗauka gyaran tunani baƙon ilimi ne. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya yi littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, don ya same su a ranar firgici. Ku gwada hakan da ƙananan abubuwa tukuna, saƙon da ba a amsa ba, gaisuwar da aka taƙaita, domin ranar da waya ta ƙi shiga da magariba ba ranar koyo ba ce.

Wannan dabarar tana da iyaka. Wanda aka taɓa kamawa, ko aka kashe nasa a gabansa, in ya wuce wata guda yana mafarkin abin, yana zabura da ƙarar babur, yana ganin abin na dawo masa ido biyu, yana ƙaurace wa mutane, wannan rauni ne da ke bukatar likita, kuma cewa da shi ya gyara tunaninsa ƙarin nauyi ne. Haka wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, abinci da barci sun gagare shi. A kai shi asibiti mafi kusa a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna. A ci gaba da addu'a, a haɗa da magani, a kuma nisanta shi da tiramol da sauran ƙwayoyin da abokai ke miƙawa da sunan kwantar da hankali. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke makami da maganin feshi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar.