Yadda Ake Lissafin Kuɗin Shiga a Kwangilar Ginin da Ke Ɗaukar Shekaru

Unguwar Gonin Gora, a ƙaramar hukumar Chikun, tana bakin babbar hanyar da ta fito daga Abuja ta shigo Kaduna ta kudu. A watan Disamba na 2017 Gwamnatin Tarayya ta bai wa kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran wannan hanya, daga Abuja zuwa Kaduna da Zariya har Kano, a kan kimanin naira biliyan 155, da nufin a gama cikin shekara uku. A 2021 aka mayar da aikin sake ginawa baki ɗaya, kuɗin ya kai kimanin biliyan 797, sannan a 2024 aka soke ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. A duk tsawon waɗannan shekaru, wajibi ne kamfani irin wannan ya fitar da rahoton kuɗinsa kowace shekara. To, nawa zai ce ya samu daga aikin da bai ƙare ba?

Amsa biyu ne ke fara zuwa wa ɗalibi, kuma duka biyun ba su da kyau. Ta farko ita ce a jira sai an gama. In aka yi haka, rahoton zai nuna kamfanin bai sami ko kwabo ba shekara da shekaru, alhali motocinsa na aiki dare da rana, sa'an nan riba ta faɗo gaba ɗaya a shekarar ƙarshe. Ta biyu ita ce a rubuta duk kuɗin da aka karɓa. Wannan ma yaudara ce, domin kuɗin kafin alƙalami da ake bai wa ɗan kwangila don ya kai kayan aiki ba sakamakon guminsa ba ne tukuna. Nauyi ne a wuyansa, sai ya biya shi da aiki.

Saboda haka akantoci ke bin matakin kammala aiki. Wato idan an yi rubu'in aikin, sai a rubuta rubu'in kuɗin kwangilar a matsayin kuɗin shiga. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ke kula da wannan ita ce IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018 ta maye gurbin IAS 11, kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya sun koma bin irin waɗannan ƙa'idoji tun 2012. Hujjar ita ce, ginin da ake yi a filin mai aiki yana zama mallakarsa ne bulo bayan bulo, don haka ɗan kwangila yana miƙa aikinsa ne a hankali.

Ana iya auna mataki da abin da ido ke gani, kamar kilomita nawa aka shimfiɗa wa kwalta. Amma an fi auna shi da kuɗin da aka kashe:

mataki = kuɗin da aka kashe zuwa yau ÷ ƙiyasin kuɗin da aikin zai ci gaba ɗaya

Ga misali na koyarwa. A ƙaddara wani ɗan kwangila ya karɓi ginin makarantar sakandare a Gonin Gora a kan naira miliyan 900, na shekara uku, ya kuma ƙiyasta aikin zai ci miliyan 720. Ribar da yake sa rai ke nan miliyan 180.

A shekarar farko ya kashe miliyan 180 wajen haƙa da tushe da ginshiƙai. In aka raba 180 da 720, za a sami kashi 25 cikin ɗari. Rubu'in miliyan 900 shi ne miliyan 225, kuma shi ne kuɗin shigarsa na bana. A cire 180, ribar shekarar ta zama miliyan 45. A lura, ko mai makarantar ya biya shi miliyan 300 ko miliyan 150, wannan lissafi ba ya canzawa. In an biya 300, rarar miliyan 75 aiki ne da ake binsa. In kuwa 150 aka biya, saura miliyan 75 ɗin haƙƙinsa ne da ake rubutawa cikin kadarorinsa.

A shekara ta biyu ne darasin yake. Ya kashe ƙarin miliyan 300, jimla 480. Sai dai siminti da rodi da man dizal sun yi tsada, abin da duk magini a Kaduna ya gani bayan cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023. Da aka sake ƙiyasi, aka ga aikin zai ci miliyan 800, kuma yarjejeniyar ba ta yarda da ƙarin farashi ba. Yanzu sai a raba 480 da sabon ƙiyasi, wato 800, a sami kashi 60. Kashi 60 na miliyan 900 shi ne 540. Tun da an riga an rubuta 225 bara, kuɗin shigar bana 315 ne. A cire 300 da aka kashe, riba ta tsaya a miliyan 15 kacal.

Me ya sa ta zube haka, alhali an fi yin aiki a wannan shekara? Dalili shi ne ribar kwangilar duka ta ragu daga 180 zuwa 100. Kashi 60 na 100 shi ne 60, an kuma riga an ɗebi 45 a bara. Ashe ribar bara ta yi yawa. Amma ba a komawa a goge rahoton bara, domin an yi shi ne da gaskiya bisa sanin da ake da shi a lokacin. Shekarar da aka gano canjin ita ke ɗaukar gyaran. A shekara ta uku ya kashe 320 da suka rage, ya rubuta kuɗin shiga 360, riba 40. Jimlar 45 da 15 da 40 ita ce 100 daidai.

Da a ce sabon ƙiyasin ya kai miliyan 950, hukuncin daban ne. Kwangilar ta zama ta hasarar miliyan 50, kuma ba a raba hasara a kan shekaru yadda ake raba riba. Ana shigar da ita duka da zarar an hango ta, tare da janye ribar 45 da aka rubuta a baya, don haka rahoton shekara ta biyu zai nuna hasarar miliyan 95.

Raunin wannan hanya a fili yake: lambar da ake raba komai da ita ƙiyasi ne, kuma kamfanin ne da kansa ke yin sa. Da ɗan kwangilar ya yi gum ya bar ƙiyasin a 720, da matakin ya nuna kashi biyu bisa uku, kuɗin shiga ya kai 600 a jimla, ribar shekara ta biyu ta fito miliyan 75 maimakon 15. Ba a ƙara bulo ko ɗaya ba. Irin wannan ɓoye tsadar aiki yana cikin abin da bincike ya bankaɗo a kamfanin Toshiba na Japan a 2015. Wata dabarar kuma ita ce a sayi rodin miliyan 60 ana gab da rufe shekara, a jibge a fili, a lissafa shi cikin kuɗin da aka kashe. Rodin da bai shiga gini ba kaya ne a sito, bai ciyar da aiki gaba ba. Haka ma kuɗin rushe katangar da ta karkace a sake ta ba ya ƙara mataki.

Mai binciken kuɗi yakan gane irin wannan ta hanyar kwatanta lissafin ofis da takardar shaidar injiniyan da ke duba aikin. In littafi ya ce kashi 67, ginin kuwa ko rufi bai kai ba, akwai magana. Yakan kuma duba ko kuɗin shigar da aka rubuta amma ba a nemi biyansa ba yana ta ƙaruwa shekara bayan shekara, ko kamfani na shelar riba alhali yana cin bashin banki don biyan lebura. Sa'an nan ya nemi takardar ƙiyasin, ya ga ranar da aka sabunta farashin buhun siminti a cikinta.